Kati 200 muka buga, mai girki ta ce buhu 2 na shinkafa: ya ake wannan lissafin?

Abban_Khairat:
Assalamu alaikum jama'a. Za mu aurar da ƙanwata a nan Jos, Anguwan Rogo, mako na biyu na Disamba in Allah ya kai mu. Ni ne babba a gida, lissafin abinci yana wuyana. Kati 200 muka buga, 80 na maza, 120 na mata. Ɗaurin aure Juma'a, yini Asabar. Mai girkin da aka kawo mana ta ce sai buhu 2 na shinkafa, ni kuwa na sha jin ana cewa buhu 1 yana ciyar da mutum 300. Ta kuma rubuta itace da gas duka, da mutum 8 masu taya ta. Ba zarginta nake ba, so nake na san yadda ake lissafin tun daga tushe don na san nawa zan tanada. Masu sani ku taimaka.

Ummu_Sudais:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Yaya, kati ba ya cin abinci. Matar da ka ba kati ɗaya za ta zo da 'yarta da ƙanwar mijinta, wata ma har da maƙwabciya. A yinin mata ka ninka kawai.

Injiniya_Bukuru:
Abin ba shi da wahala. Buhu kilo 50 ne. Mutum ɗaya giram 150 na ɗanyar shinkafa ya ishe shi. Ka raba, zai ba ka mutum 333. Ko an ninka matan nan sun zama 240, a haɗa da maza 80, mutum 320 ke nan. Buhu 1 ya isa. Gas kuma, tukunya mai kilo 12.5 tana yi mana wata guda a gida, ban ga abin da zai sa ba za ta yi girkin kwana biyu ba.

Hajiya_MaiKula:
Abban Khairat, Allah ya ba su zaman lafiya. Girkin biki sana'ata ce, a nan Rikkos nake. Injiniya, awonka na giram 150 daidai ne, kusan abin da muke zubawa ke nan a matsakaiciyar robar tekawe. Inda muka rabu shi ne abin da ake ƙirgawa. Mu ba mutane muke ƙirgawa ba, faranti muke ƙirgawa, domin mutum ɗaya yakan ci sau biyu ko sau tara kafin biki ya watse, kuma akwai faranti da yawa da masu cin su ba za su taɓa tako ƙofar gidanku ba.

Kafin na ce komai, ka amsa min waɗannan. Baƙi nawa ne za su kwana a gidan, kuma daga yaushe zuwa yaushe? Gida nawa na maƙwabta ake aika wa kula idan ana sha'ani a layinku? Za ku kai wa dangin ango abinci? Ranar Juma'a a ina maza za su ci, a ƙofar gida ko za a raba a masallaci?

Abban_Khairat:
Na gode Hajiya. Na tambayi Mama yanzu. Masu kwana za su kai 35, daga Bauchi da Lafiya da Kano, za su zo Alhamis da yamma su tafi Lahadi. Maƙwabta ta lissafa min gida 15. Dangin ango dole a kai musu ranar Asabar. Juma'a kuma a ƙofar gida za a zauna bayan an taso daga masallaci, su ma ɓangaren ango suna da tasu walimar daban.

Hajiya_MaiKula:
To madalla, ɗauko takarda.

Juma'a: maza 80 ka ba kati, amma ɗaurin aure bayan sallar Juma'a ne, duk wanda ya san mahaifinku zai biyo a yi Allah ya sanya alheri. Tunda ango yana da tasa walimar, jama'a za su rabu, don haka ka sa roba 150. Ƙara baƙinku na gida 35, ya zama 185.

Asabar: mata 240 kamar yadda Ummu Sudais ta ce. Gida 15, kowace kula a ƙalla cin mutum 5 ce, 75 ke nan. Dangin ango ka sa 40. Masu aiki da direbobi da masu kafa rumfa 15, don ba za su yini suna kallon tukunya da yunwa ba. Baƙin gida 35. Jimla 405.

Ka haɗa kwana biyun, faranti 590. A giram 150, kilo 88 da rabi ke nan. Sai ka tuna ƙanzo da ke kamawa a gindin kowace tukunya, da hannun mai zubawa da ke nauyi a farkon rabo. Muna ƙara kashi 10 cikin 100 saboda su, ka ga an kai kilo 97. Buhu 2 ɗin da ta faɗa maka ba ta yi ƙari ba.

In kana son ka gani da idonka, ka sayo irin robar da za a yi amfani da ita, ka sa a dafa mudu 1 na shinkafar da za ku saya, a zuba da cokalin da za a yi rabon da shi, ka ƙirga roba nawa ta cika. A wurina mudu yakan ba da roba 10, wani lokacin 11. Na ce ka gwada ne saboda mudu ba ɗaya ba ne, na wani ɗan kasuwa ya fi na wani, kuma tsohuwar shinkafa busasshiya ta fi sabuwa auki.

Injiniya_Bukuru:
Na ga inda 590 ta fito. Amma Hajiya, kular maƙwabta da ta dangin ango faranti 115 ne, kusan kilo 17 na shinkafa. Wannan zaɓi ne, ba dole ba.

Ummu_Sudais:
Injiniya, a Anguwan Rogo dole ne. Matan da za su zo su gyara tattasai tun Alhamis, su ba da aron ɗakunansu baƙi su kwana, su ne maƙwabtan. Ba a hana su kula.

Malam_Nasiru_Gangare:
Ni dai nasiha zan yi. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Mu kuma mun mai da aure gasa, ana cin bashi don a burge mutane. Ɗan'uwa, ka soke yinin nan gaba ɗaya, ka huta.

Abban_Khairat:
Allah ya saka da alheri Malam. Ba bashi za mu ci ba, kuma babu dina babu zaure na haya, cikin gida ne da rumfa a ƙofa. Lissafin nan ma don kada a yi almubazzaranci nake yin sa, kada a dafa a zubar, kada kuma baƙo ya tashi bai ci ba.

Malam_Nasiru_Gangare:
To Allah ya yi jagora. Abin da ya ragu dai a fitar wa almajirai da wuri tun bai lalace ba.

Sani_YanShanu:
Kowa yana ta maganar shinkafa, alhali kuɗin yana wurin nama. Ni mahauci ne. Maigida, fara yanke shawara: tsoka ɗaya a roba ko biyu? Kilo 1 na naman sa marar ƙashi, in aka yi yankan biki, yana ba da tsoka 14 zuwa 15. Kada ka bari a ce maka za a fitar da 25, domin nama yana tsukewa in an tafasa an soya, kusan kashi ɗaya cikin uku yake raguwa, tsokar da ka gani babba a kan faifai za ta koma kamar goro. Faranti 590 a tsoka ɗaya, kilo 42 ke nan. Ƙara kilo 8 na miyar baƙin gida, ka sa 50. In tsoka biyu ce, ka haura kilo 90.

A kilo 50 ban ba ka shawarar sayen sa a tsaye ba, ka sayi kilo a mahauta, a yanka a gabanka, ku ƙirga tare a zuba a leda ɗari-ɗari. In kuwa tsoka biyu za ka yi, to a nan ne zuwa kara yake da riba, ko nan 'Yan Shanu ko Bukuru, saboda kai da ƙafa da kayan ciki za su riƙe maka miyar gida da farfesu. Amma ka je da wanda ya san dabba. Nauyin sa a tsaye ba shi ne nama ba, wajen rabi ne yake zama gawa bayan an feɗe, a cikin rabin kuma akwai ƙashi.

Zee_Dilimi:
Me zai hana kaji ranar Asabar? Mata sun fi son kaza a kan jalof. A bikin yayata haka muka yi.

Sani_YanShanu:
Babbar kazar gidan gona yanka 8 ce in ana son mutunci. Faranti 405, kaji 51 ke nan. Sai kuɗin figa, sai man suya da ya fi na naman sa. Kuma ki duba watan, Disamba ce a Jos, kaji suna tashi in Kirsimeti ta matso. In zai yi, ya biya mai gona tun yanzu a ajiye masa.

Dan_Mararaba:
Ni a Abuja na yi nawa, kuma gaskiya duk wannan ciwon kan bai taso ba. Mai girki ta faɗi kuɗin faranti ɗaya, na ce faranti 250 nake so, na biya, ta zo da komai har masu rabo. Wanda ba shi da kati mai gadi bai bar shi ya shiga ba. Ka nemi irin wannan kawai.

Hajiya_MaiKula:
Ɗan Mararaba, wannan yana yiwuwa a zauren da yake da ƙofa ɗaya da mai gadi. Shi a layi zai kafa rumfa, wa zai tsaya ya ce wa gwaggon unguwa ina katinki? Sannan kuɗin faranti ba ya ɗauke baƙi 35 na kwana uku, su dai sai an hura musu wuta safe da rana da dare.

Bari na koma kan wuta, don maganar Injiniya ta gas tana iya sa a kwana da ɗanyen nama. Murhun gida ƙaramar wuta ce ƙarƙashin ƙaramar tukunya. Murhun biki mai faɗin baki, nawa dai, in an buɗe shi sosai yana shan kusan kilo 1 a awa, in an rage don shinkafa ta turara ya koma wajen rabi. Saboda haka ba kwana ake ƙirgawa ba, awannin da tukunya za ta yi a kan wuta ake ƙirgawa.

Tukunyar da ke ɗaukar mudu 10 ita ce daidai, in ta fi haka juyawa yana wuya, sama ta yi tsatstsaura ƙasa ta caɓe. Buhu 2 zai ba ka ɗori 6, biyu Juma'a, huɗu Asabar. Kowane ɗori, daga suyar kayan miya zuwa saukewa, ka ba shi awa 2, awa 12 ke nan. Tafasa nama awa 3, suya awa 3. Sai abin da kowa ke mantawa, dafa markaɗen tumatir har ruwansa ya ƙone, wannan kaɗai yana cin awa 4. Kusan awa 22. In da gas zalla ne, kilo 18 zai tafi, ba a sa girkin baƙi da ruwan wanka ba.

Shi ya sa ta rubuta maka biyun. Shinkafa da tumatir a kan itace, suya da girkin gida a kan gas, don suya tana son wutar da ake iya ragewa nan take.

Injiniya_Bukuru:
Ban yi la'akari da girman murhun ba, hakane. Zan ƙara abu ɗaya. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, ruwa yana tafasa a nan a kusan digiri 96 maimakon 100. Don haka nama da wake sun ɗan fi daɗewa kafin su nuna fiye da a Abuja. Wanda yake son tabbaci ya ɗora tukunyar gas a sikeli, ya kunna murhun awa 1, ya sake aunawa.

Hajiya_MaiKula:
Na digiri kai ka sani, Injiniya. Abin da na fi gani da ido shi ne iskar hunturu. Ƙarfe huɗu na asuba muke hura wuta, ruwan randa kamar ƙanƙara, iska tana kwashe harshen wutar gefe guda, gindin tukunya bai samu ba. A kare murhu da tsohon kwanon rufi ta ɓangaren da iska ke zuwa, itacen da za a ci zai ragu sosai. Gas kuma, in ana jan sa da ƙarfi cikin sanyi, za ka ga raɓa ta daskare fari a jikin tukunyar, wuta ta yi ƙasa alhali da sauran gas a ciki. Kada wanda ya matsa da ita kusa da wuta ko ya kwantar da ita. A rufe, a sauya da ta biyu, ita ta huta. Saboda wannan nake cewa tukunya 2 masu kilo 12.5 ko da lissafi ya nuna ɗaya da rabi.

Goggo_Ladi:
Ku yaran yanzu komai haya. Mu a da matan dangi ne ke girkin biki, ba a biyan kowa sisi. Mutum 8 na me? Ina 'yan uwan amarya?

Zee_Dilimi:
Goggo, ki yi haƙuri, 'yan uwa suna taimakawa har zuwa lokacin da mai kwalliya ta iso. Daga nan kowa ta tafi saka anko, a bar tukunya da tsofaffi biyu. A bikin da na faɗa ɗazu ƙarfe biyar ta yi ba a gama zuba abinci a roba ba, wasu baƙi sun tafi hannu rabbana, da daddare kuma ga kula biyu cike an rasa mai ci.

Goggo_Ladi:
Wannan rashin shugaba ne a madafa, ba rashin 'yan haya ba. In akwai babba guda da ake jin maganarta, aiki yana tafiya.

Hajiya_MaiKula:
Goggo, kina da gaskiya a rabi. Gyaran tattasai da albasa, tsince shinkafa, karin safe da tuwon dare na baƙi, duk dangi za su iya, kuma bai kamata a biya kowa a kansu ba. Amma ranar Asabar akwai aikin da ba ya jira. Ga yadda nake raba 8 ɗin: ni da mataimakiya ɗaya a kan tukwane, namiji ɗaya mai ƙarfi na faskare da ɗaga tukunya, biyu a wanke-wanke, uku a zuba. Masu zuba a jere suke, wannan shinkafa, wannan nama, wannan rufewa da cokali. Roba 250 tana ɗaukar su fiye da awa 1, kuma nama a hannun mutum ɗaya tak yake zama, wanda aka ƙirga masa. Ranar Juma'a mutum 4 sun isa, kada ka biya 8 kwana biyu.

Abban Khairat, ka zauna da ita ka tambaya dalla-dalla: kuɗinta na buhu ne ko na yini? Ita za ta biya yaranta ko kai? Tukwane da murhu da kuloli suna ciki ko haya ne daban? Wa zai biya motar da za ta kawo su ta mayar? Wa zai wanke tukwane bayan an watse? Rigimar da ake yi da masu girki ranar Lahadi kusan duk daga waɗannan take. Ka sa kuɗin 'yan garuwa ma, da na markaɗe.

Ummu_Sudais:
Tumatir da tattasai ku je Farin Gada da sassafe ku sayi kwando, kada ku saya a unguwa. Laraba ko Alhamis, in kun riga haka zai ruɓe. Ruwan leda kuma guda 20 ne a jaka, ku sa biyu ga kowane faranti.

Abban_Khairat:
Na zauna na jera komai. Kuɗin da na sa na ƙaddarawa ne don na ga siffar abin, sai na zaga kasuwa zan gyara.

Shinkafa buhu 2, a ce ₦140,000. Nama kilo 50, a ce ₦350,000. Man gyaɗa lita 30 da kayan miya da kayan ɗanɗano ₦200,000. Gas kilo 25 da itace ₦55,000. Mai girki da mutanenta da hayar tukwane ₦120,000. Roba, cokali, leda, ruwan sha da na garuwa ₦90,000. Karin safe da tuwon baƙi ₦100,000. Ya kama ₦1,055,000. Na ɗora kashi 10 na ko-ta-kwana, ya zama wajen ₦1,160,000. In na raba da 590, kowane faranti ya tasam ma ₦2,000.

Abin da ya ba ni mamaki, buhun da nake ta ja a kansa ₦70,000 ne kawai a cikin wannan duka. Nama shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku.

Injiniya_Bukuru:
Ka ɗora kashi 10 sau biyu a kan shinkafa, Hajiya ta riga ta sa nata. Kuma bai dace ka raba kuɗin tuwon baƙi a kan faranti 590 ba, ba ya cikinsu.

Hajiya_MaiKula:
Na farkon na ƙanzo ne da nauyin hannu, na biyun na tashin farashi ne tsakanin yau da Disamba, ba abu ɗaya ba ne. Na tuwon kuwa ka yi daidai, a ware shi. Ni abin da nake ganin ya yi kaɗan shi ne ₦100,000 ɗin nan. Mutum 35, ci 9, a cire biyu na shinkafa da muka riga muka sa, saura ci 7, faranti 245 ke nan. Ga shayi da burodi da ƙwai cikin sanyin nan, ga waɗanda za su ce masa suke so. Ka sake duba shi. Lemo kuma ban gani ba sam.

Abban_Khairat:
Zoɓo Mama ta ce za a yi a gida, amma ban sa sukari da gorunan zubawa ba, zan ƙara.

Dan_Mararaba:
Kun gani ko? Da kuɗin faranti ne da tuni an gama.

Sani_YanShanu:
Maigida, har yanzu ba ka ce tsoka ɗaya ko biyu ba. In Mama ta ce kular dangin ango sai da kaji, lissafin naman nan zai canza, gara ka tambaye ta yau.

Goggo_Ladi:
Za ta ce. Ba a kai wa surukai tsoka ɗaya-ɗaya. Ka sa kaji 5 a gefe, kuma ni har yanzu ina ganin masu wanke-wanken nan biyu za a samu a cikin gida.

Zee_Dilimi:
Hajiya, ɗori huɗu na Asabar a lokaci ɗaya ake ɗora su ko bi da bi? Tsakar gidanmu murhu biyu kawai take ɗauka, mu ma muna da namu bikin a Janairu.